Daga Silaid 14 Zuwa Shafi Ɗaya: Yadda Ake Rubuta Taƙaitaccen Bayani Ga Mai Zuba Jari

A zangon karatun da ya wuce, ni da abokaina biyu muka tsaya gaban masu zuba jari a wani taron baje kolin sana'o'in ɗalibai. Sana'ar tamu ita ce busar da tumatir a cikin akwatin busarwa mai aiki da zafin rana, mu ɗaura shi a leda, mu sayar wa gidajen abinci lokacin da ɗanye ya yi tsada. Mun haɗa silaid 14 a PowerPoint, muka yi bayani na minti goma, aka tafa mana.

Da aka tashi, sai wani bawan Allah daga cikin baƙin ya kira ni gefe ya ce: "Samari, abin naku ya ba ni sha'awa, amma ba ni kaɗai nake yanke shawara ba. Abokin kasuwancina bai zo ba, kuma ba zai buɗe silaid ɗinku ba. Ku turo mini shafi ɗaya kafin Juma'a."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." A zuciyata kuwa cewa nake yi aikin rabin awa ne. Kwana uku ya ci mana. Wannan shafin shi ne abin da za ku gani an rubuta Executive Summary a fom ɗin neman jari ko tallafi, kuma duk wanda zai nemi kuɗin wani don sana'a sai ya haɗu da shi. Ga abin da muka koya, da kuskuren da muka tafka.

Kuskuren farko: kwafe silaid

A daren farko na buɗe Word, na kwashe rubutun da ke kan kowane silaid na jera su, na rage girman harafi har suka shiga shafi ɗaya. Washegari na kai wa malamarmu ta darasin koyon sana'a. Ta karanta, ta ɗago kai ta ce, "To me kuke sayarwa, kuma nawa kuke nema?"

Na ce, "Malama, ai yana ciki."

Ta ce, "Nuna mini."

Na duba. Abin da muke sayarwa yana layi na sha ɗaya, kuɗin da muke nema kuma yana can ƙasan shafi. A tsakani babu komai sai guntayen kalmomi: "Asarar amfanin gona." "Kasuwa mai faɗi." "Fasaha mai sauƙi." Babu jimla cikakkiya ko ɗaya.

Dalilin haka a fili yake. Shi silaid ba a yi shi don ya tsaya da ƙafarsa ba. Guy Kawasaki, ɗan kasuwar Amurka da ya taɓa aiki a kamfanin Apple, yana da wata ƙa'ida da ta shahara, ta 10/20/30: silaid goma, bayani na minti ashirin, harafi kada ya gaza girman 30. Da harafi mai wannan girman, kalmomi kaɗan ne za su shiga allo. Sauran bayanin yana bakin mai magana. Idan ka kwafe silaid zuwa takarda, ka ɗauko kanun magana ne ka bar maganar a zauren taro. Wanda zai karanta shafinka kuwa bai je taron ba, kuma ba ka kusa balle ya tambaye ka.

Mataki na ɗaya: kowane silaid, jimla ɗaya

Malama ta ce mu koma mu yi bayanin da baki kamar yadda muka yi a taro, mu naɗi muryarmu a waya. Sannan mu saurara, mu rubuta jimla ɗaya cikakkiya ga kowane silaid, jimlar da ke faɗin abin da muke so mai sauraro ya yarda da shi.

Misali, silaid na biyu hoton tumatir ne ruɓaɓɓe a bakin titi, an rubuta "Asarar amfanin gona" a ƙasa. Da muka saurari abin da na faɗa a kansa, sai jimlar ta zama: "Daga Janairu zuwa Afrilu tumatirin noman rani yana cika kasuwa har ya ruɓe, amma da damina ta faɗi sai ya yi tsada, masu gidajen abinci su koma sayen busasshen da aka shanya a ƙasa, mai yashi da ƙura." Ka ga yanzu akwai lokaci, akwai wanda abin ya dama, akwai abin da ke damunsa.

A nan ne ake gane silaid na banza. Muna da guda da aka rubuta "Burinmu" a kai. Muka yi ta ƙoƙarin fitar da jimla daga cikinsa, ba abin da ya fito sai cewa muna son kawo cigaba. Wannan magana mai sayar da katin waya ma zai iya faɗinta. Muka ajiye shi.

Mataki na biyu: raba jimlolin kashi uku

Da muka sami jimloli 14, sai muka raba su: waɗanda dole su shiga, waɗanda za a haɗe, da waɗanda za a zubar.

Waɗanda aka zubar huɗu ne: silaid na suna da tambari, na "Burinmu", na hotunan bikin buɗe shago, da na godiya. Waɗanda aka haɗe shida ne, suka koma uku. Silaid na matsala da na masu saye suka zama sakin layi ɗaya, domin matsalar ta wani ce. Silaid na yadda akwatin ke aiki da na abokan gasa suka haɗu, domin bambancinmu da mai shanya a ƙasa shi ne akwatin. Silaid na farashi da na hasashen ciniki su ma suka haɗu. Huɗun da suka rage suka shiga kai tsaye: abin da muka riga muka sayar, girman kasuwa, mutanen da ke aikin, da kuɗin da muke nema.

Silaid ɗin akwatin shi ya fi mana ciwo. Abokina ɗan sashen injiniyan noma ne, shi ya ƙera shi, kuma ya yi zane mai kyau da kibiyoyin da ke nuna yadda iska mai zafi ke shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Ya so a saka zanen. Amma mai kuɗi ba zai ƙera akwati ba. Abin da yake son sani shi ne me akwatin ke haifarwa: tumatir yana bushewa a rufe, ƙura da ƙuda ba sa taɓa shi, kuma akwati ɗaya yana fitar da leda 300 a wata. Zane na rabin shafi ya koma jimla ɗaya.

Mataki na uku: juya tsarin

A taro, labari ake bayarwa. Ana farawa da matsala, a ja hankali, sai a ƙarshe a faɗi kuɗin da ake nema, domin mutane suna zaune, ba inda za su. A takarda ba haka ba ne. Mai karatu yana iya ajiye ta bayan layi uku. Don haka abin da yake silaid na 13 shi ya dawo sakin layi na farko. Takardar da Turanci muka aika, amma ga abin da farkonta ya ƙunsa:

"Muna busar da tumatir a akwatin zafin rana, muna sayar wa gidajen abinci a leda mai nauyin giram 250. Daga Mayu zuwa Agusta mun sayar da leda 1,200 ga gidajen abinci 23, cinikin ₦1,800,000. Muna neman jarin ₦4,000,000 a kan kashi 40 cikin 100 na kamfanin, don mu kai leda 3,000 a kakar da ke tafe."

Jimla uku ke nan: me muke yi kuma wa muke yi wa, me ya nuna cewa abin yana tafiya, nawa muke nema kuma don me. Idan mutum bai karanta komai ba sai wannan, ya san ko zancen ya shafe shi. Sauran shafin hujja ce kawai ga waɗannan jimlolin.

Mataki na huɗu: lissafi, inda asiri ke tonuwa

Nan ne ya kamata ku fi natsuwa, don nan muka kusa jin kunya.

Muna da jadawali mai sanduna huɗu da ke nuna ciniki yana hawa wata bayan wata. A allo yana da ban sha'awa. A takarda dole ya zama jimla, jimla kuma tana buƙatar ainihin adadi: leda 180 a Mayu, 260 a Yuni, 340 a Yuli, 420 a Agusta. Idan ka haɗa, 1,200 ne. A shafin muka rubuta na farko da na ƙarshe da jimillar kawai: ciniki ya tashi daga leda 180 a Mayu zuwa 420 a Agusta. Ba a cewa "ciniki yana bunƙasa sosai" alhali adadin yana hannu.

Da muka jera alƙaluman kusa da juna sai matsala ta bayyana. Wani silaid ya ce farashin leda ₦1,500. Wani ya ce mun sayar da leda 1,200. Wani kuma can gaba ya ce cinikinmu ya kai miliyan biyu. To ai 1,200 sau 1,500 bai wuce ₦1,800,000 ba. Ni na cika shi miliyan biyu don ya yi daɗin faɗi. A taro babu wanda ya lura, domin akwai minti uku tsakanin silaid ɗin. A shafi ɗaya kuwa tsakaninsu bai wuce layi biyu ba, kuma mutumin da zai karanta ɗan kasuwa ne, lissafi a kansa yake yi. Da ya kama wannan ɗaya, ba zai ƙara yarda da wani adadi a shafin ba.

Na biyu shi ne kalmar riba. Kowace leda tana cin mana ₦1,050, wato kuɗin tumatir, leda da masu yanka. Abin da ya rage ₦450 ne, kashi 30 cikin 100 na farashi. A leda 1,200 ya kama ₦540,000, kuma shi muka kira riba a silaid. Amma ba mu cire hayar ɗaki da kuɗin kai kaya ba, waɗanda suka ci ₦240,000. Ainihin abin da ya rage ₦300,000 ne, kuma ko a haka babu wanda ya ɗauki albashi cikinmu. A shafin muka rubuta duka biyun, kowanne da sunansa, muka kuma faɗi maganar albashin.

Na uku shi ne girman kasuwa. Silaid ɗin yana ɗauke da wani adadi na biliyoyin naira da muka tsinto a intanet, ba mu ma tuna daga ina ba. Malama ta ce, "Adadin da ba za ku iya faɗin inda ya fito ba, kada ya shiga." Muka maye gurbinsa da abin da muka ƙirga da ƙafarmu: gidajen abinci 110 a unguwannin da muke kai kaya. Ƙarami ne, amma namu ne, kuma in an tambaya muna da littafin da muka rubuta su.

Na huɗu, kuɗin da ake nema dole a warware shi, kuma guntayen su haɗu daidai. Namu: ₦1,400,000 na ƙarin akwati biyu, ₦600,000 na injin liƙe leda da neman rajistar hukumar NAFDAC, ₦2,000,000 na sayen tumatir da kuɗin aiki lokacin araha. Jimilla ₦4,000,000. Sannan ka sani cewa in ka ce miliyan huɗu a kan kashi 40, to ka yi wa kamfaninka kuɗi miliyan goma ke nan bayan shigar jarin, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Mai karatu zai yi wannan lissafin nan take. Gara ka riga shi, ka tambayi kanka ko za ka iya kare shi.

Mataki na biyar: "saboda" da "shi ya sa"

Ɗigo-ɗigon silaid suna ba mutum damar jera abubuwa ba tare da ya faɗi alaƙarsu ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint a tarukan manyan ma'aikatan Amazon a 2004, aka koma rubuta bayani a cikakkun jimloli, wanda ake karantawa shiru a farkon taro. Rubutu yana tilasta maka ka haɗa magana da magana.

Mu ma mun ɗanɗana. A silaid an jera: "Ƙarin akwati biyu" sai "Leda 3,000". Da na zo rubutawa na ce: za mu sayar da leda 3,000 saboda za mu ƙara akwati biyu. Sai na tsaya. Akwati busarwa yake yi, ba ya saye. Akwati uku za su iya fitar da leda 3,600 a wata huɗu, amma wa zai saya?

Muka koma lissafi. Gidajen abinci 23 sun sayi leda 1,200, wato kowanne kimanin 52 a kaka ɗaya. Don a sayar da 3,000 ana buƙatar gidaje kusan 58. Ke nan sai mun ƙara 35 daga cikin 87 da ba mu shiga ba tukuna. Wannan ita ce ainihin tambayar kasuwancinmu, kuma babu ita a silaid ko ɗaya cikin 14. Muka rubuta ta a fili, tare da hujjar da muke da ita: cikin gidaje 23, guda 14 sun dawo sun sake saye, kuma a Agusta kaya ya ƙare mana ana nema.

Don haka ga gwaji mai sauƙi. Tsakanin kowace jimla da mai bi mata, gwada saka "saboda" ko "shi ya sa". In ta ƙi zama, akwai rami a wurin. Ko dai ka cike shi da hujja, ko ka rage iƙirarin.

Kason kalmomi da tsarin shafi

Shafin A4 da harafi mai girman 11, da gefe mai kyau da ƙananan kanu, yana ɗaukar kalmomi 400 zuwa 500. Mu a 430 muka tsaya. Sakin layin farko ya ci kimanin 60. Matsala da masu saye 60, kayanmu da bambancinsa 60, ciniki da lissafin leda 90, kasuwa da shirin faɗaɗawa 60, mutanen da ke aikin 40, yadda za a kashe kuɗin 60. Ku lura cewa kaso mafi tsoka ya tafi ga abin da ya riga ya faru, ba ga abin da muke fata ba.

A wajen bayanin mutane, kada ka jera muƙamai. Mu uku ne kacal amma a silaid akwai shugaba, akwai darakta, akwai manaja. A shafin muka rubuta abin da kowa ke yi: ɗaya ya ƙera akwatin kuma shi ke gyara shi, ɗaya ɗan gidan manoman rani ne daga yankin Kura a jihar Kano kuma shi ke sayo tumatir, ni kuma nake kai kaya da riƙe littafin kuɗi. Muka kuma faɗi cewa mu ɗalibai ne da watan da za mu gama, domin zai gano ko mun ɓoye.

In rubutu ya zarce shafi, kada ka ƙanƙance harafi ko ka cinye gefen takarda. Yanke magana za ka yi. A saman shafi ka sa sunan sana'ar da kwanan wata, a ƙasa lambar waya da imel na mutum ɗaya. Ka mayar da shi PDF kafin ka tura, don kada tsarin ya wargaje, sannan ka buɗe shi a waya ka gani, domin a waya za a fi karanta shi.

Gwajin ƙarshe

Kafin mu tura, na ba wani abokin ɗakinmu ɗan sashen gine-gine, wanda bai je taron ba. Na ba shi minti biyu, na karɓe takardar, na yi masa tambaya huɗu: me muke sayarwa, wa ke saye, nawa muka sayar, nawa muke nema kuma me za mu yi da shi? Ya amsa uku daidai. A ta biyu ya ce matan gida ne ke saye. Da na duba sai na ga a tsakiyar shafin na yi ta cewa "masu girki". Na gyara kowane wuri ya koma "gidajen abinci". Abu ɗaya, suna ɗaya, daga sama har ƙasa.

Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa: mun koma mun gyara silaid ɗin su ma. In shafi ya ce ₦1,800,000 silaid kuma ya ce miliyan biyu, ranar da aka ajiye su tare ka shiga uku.

Mun tura ranar Alhamis da daddare. Bayan mako guda suka kira mu. Abokin kasuwancin nasa ya zo da shafin a hannu, ya ja layi a wuri biyu: a ƙarƙashin ₦300,000 da kuma kashi 40. Ya ce, "Yarana, sana'ar da ta bar dubu ɗari uku a kaka, ba a yi mata kuɗi miliyan goma." Ba mu da amsa mai ƙarfi, kuma ba su sayi hannun jarin ba. Amma sun ce a shirye suke su tattauna ba mu kuɗin sayen tumatir na kaka ɗaya bisa sharaɗin raba riba, in gidaje 35 ɗin nan suka fara samuwa. A kan haka muke yanzu, kuma mun riga mun shiga gidaje goma sha ɗaya.

Wanda ke da silaid a wayarsa, ya gwada yau: ya naɗi bayaninsa, ya rubuta jimla ɗaya ga kowane silaid, sannan ya ninka farashinsa da adadin abin da ya sayar, ya ga ko ya yi daidai da abin da ya faɗa a taro. Allah ya ba mu sa'a.